Yadda za ka daidaita CV ɗinka da shafinka na LinkedIn kafin mai ɗaukar aiki ya ɗora su gefe da gefe

Na sha zama cikin kwamitin tantance masu neman aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Maradi, kuma ga yadda abin ke tafiya idan an rage dosiye ɗari biyu sun koma goma. Jami'ar kula da ma'aikata tana ajiye CV a hagu, ta buɗe shafin mutum na LinkedIn a kwamfuta, kofen takardun shaidar aiki kuma suna dama. Abu uku take bi da ido: yaushe ya fara, yaushe ya bari, da wane muƙami. Idan ukun sun yi magana ɗaya, ta wuce cikin minti biyu. Idan sun saɓa, sai ta sa alamar tambaya da jan biro, kuma sau da yawa mai dosiyen ba zai taɓa jin cewa wannan alamar ce ta hana a kira shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin waɗanda ake sa wa alamar ba maƙaryata ba ne. Sun rubuta CV a wata shekara a shagon buga takardu, sun cika shafin LinkedIn a wata shekarar daga salula, duka biyun daga ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta riƙe wata. Don haka gyaran ba shi ne a kwafe CV a zuba a shafi ba, ko a kwafe shafi a zuba a CV. In ka yi haka kuskure ɗaya ka raba wuri biyu. Gyaran shi ne ka fitar da takarda ta uku daga takardunka masu hatimi, sannan ka auna duka biyun da ita.

Zan bi da ku ta aikin da muka yi da ɗan ƙanwata a watan Fabrairun 2024, lokacin da yake neman aikin kula da kaya da sufuri. Sanarwar ta nemi mai gogewar aƙalla shekara 3.

Fara da jakar takardu, ba da kwamfuta ba

Ya zo mini da CV a cikin salula yana cewa, "Kawu, ka duba mini Faransancin kawai." Na ce masa ya koma gida ya ɗauko duk wata takarda da wani wurin aiki ya taɓa ba shi: kwantiragi da takardun tsawaita shi, takardar shaidar aiki, takardun albashi na wata-wata, takardar shaidar koyon aiki, da ta kammala jami'a.

A cikinsu wadda ta fi nauyi ita ce wadda ake rubuta wa certificat de travail a kai, wadda mai aiki ke bayarwa idan kwantiragi ya ƙare. Tana ɗauke da ranar shiga, ranar fita, da muƙamin da mutum ya riƙe. Waɗannan ukun ne daidai abin da tsohon wurin aikinka zai karanto wa duk wanda ya bugo waya yana tambaya a kanka, domin su ma daga dosiyenka za su duba. Wadda ake rubuta wa attestation de travail kuwa galibi ana ba da ita ne mutum yana kan aiki, don haka ranar da ke ƙasanta ranar sa hannu ce, ba ranar barin aiki ba. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan ranar su sa ta a matsayin ƙarshen aiki. A kula.

Muka baje takardun a tabarma bisa tsarin shekaru, na ba shi farar takarda na ce ya ja layi biyar: sunan wurin aiki kamar yadda yake a saman takardarsu, muƙami harafi da harafi kamar yadda yake a kwantiragi, irin kwantiragin, ranar farawa, ranar ƙarewa. Ga abin da ya fito, ban da sunayen ƙungiyoyin:

```
Stagiaire logistique | Stage | 01/04/2019 | 30/09/2019
Magasinier           | CDD   | 01/10/2019 | 31/12/2020
Assistant logistique | CDD   | 01/06/2021 | 31/03/2023
```

CDD shi ne kwantiragi mai wa'adi. Aiki na farko da na biyu a ƙungiya ɗaya ne a Dakoro, na uku a wata ƙungiyar a cikin garin Maradi. Tun daga Afrilun 2023 kuma yana taya mahaifinsa kula da shago a babbar kasuwa.

Wannan ƴar takardar ita ce uwa. Daga yanzu duk abin da ya saɓa mata shi ake gyarawa.

Kwanan wata, inda aka fi faɗuwa

Da muka buɗe CV ɗinsa, ya rubuta aikin sito daga 2019 zuwa 2021, aiki na biyu daga 2021 zuwa 2023, a sama kuma ya sa gogewar shekara 5. Na tambaye shi ina ya samo biyar. Ya lissafa da yatsu: 2019, 2020, 2021, 2022, 2023. Shekarun da aikinsa ya taɓa ya ƙirga, ba tsawon aikin ba.

Mai tantancewa da watanni yake ƙirga. Daga Oktoban 2019 zuwa Disamban 2020 wata 15 ne. Daga Yunin 2021 zuwa Maris 2023 wata 22 ne. Jimla wata 37, wato shekara 3 da wata 1. Idan an haɗa wata 6 na koyon aiki sun zama 43, shekara 3 da wata 7, amma wurare da yawa ba sa lissafa koyon aiki cikin gogewar da suka nema. Ka ga yaron ya cika sharaɗin shekara 3 da gaskiyarsa, ba ya bukatar biyar ɗin nan, kuma biyar ɗin ce za ta sa a daina yarda da sauran abin da ya rubuta.

Wanda ya saka jerin a Excel na Faransanci, ranar farawa a D2 ta ƙarewa a E2, zai iya samun watannin da wannan:

```
=DATEDIF(D2;E2+1;"m")
```

Ƙarin kwana ɗayan shi ke sa watan ƙarshe ya shiga lissafi idan aikin ya ƙare a ranar ƙarshe ta wata.

Sai matsalar shekara ba wata. Rubuta "2019–2021" ya haɗiye abu biyu: ya mai da wata shida na koyon aiki kamar aikin sito ne, kuma ya rufe wata biyar da ya zauna ba aiki daga Janairu zuwa Mayun 2021. Ya ce mini, "Kawu, ai in sun ga gibin za su ce wani abu na yi." Na ce masa duk wanda ya yi aiki da ƙungiyoyi a jihar nan ya san yadda kuɗin shiri ke ƙarewa a Disamba a sallami ma'aikata, a jira sabon tallafi. Gibin wata biyar ba ya ba kowa mamaki. Abin da ke tsayar da mutum shi ne CV ya ce 2021, takarda mai hatimi ta ce 31 ga Disamban 2020. Saboda haka a rubuta wata da shekara a ko'ina, a CV da shafi.

Shafinsa na LinkedIn kuma wata matsala ce daban. Lokacin da ya saka aikin Maradi ya danna akwatin da ke cewa har yanzu yana kan wannan aikin, bai koma ya cire ba. LinkedIn da kansa yake lissafa tsawon aiki ya rubuta a gefe, kuma kowane wata lambar tana ƙaruwa. A ranar da muka duba, shafin yana nuna shekara 2 da wata 9 a aikin da ya yi shekara 1 da wata 10. Mai tantancewa da ya ga haka zai yi ɗaya daga tunani biyu: ko dai yaron yana aiki a can yana ɓoyewa a CV, ko an sallame shi yana ɓoyewa a shafi. Babu mai daɗi a ciki. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, kuma gyaransa bai kai minti ɗaya ba.

Ƙananan abubuwa biyu kafin mu wuce. LinkedIn yana lissafa watan farawa da watan ƙarewa duka a matsayin cikakku, don haka wanda ya fara 25 ga wata ya bari 5 ga wata zai ga lambar shafi ta ɗan ɗara tasa. Wannan ba ya damun kowa muddin watannin sun dace. Sannan idan za ka cika fom na Turanci a intanet, ka duba tsarin ranar: 01/06/2021 a wurinmu 1 ga Yuni ne, a tsarin Amurka kuwa 6 ga Janairu. In akwai dama ka rubuta sunan watan da haruffa.

Karatu ma yana da nasa tarkon. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Takardarsa ta ce shekarar karatu ta 2017-2018, amma sai a Fabrairun 2019 ya kare rubutunsa na ƙarshe aka ba shi shaida. CV ya ce 2018, shafi ya ce 2019, kuma duka biyun suna da tushe. Muka zaɓi 2019, shekarar da ke kan takardar shaidar kammalawa, muka sa ta a wuri biyun. A CV muka ƙara shekarar karatun a gefe, don wanda ya riƙe takardar ya ga lambobin biyu ya gane.

Muƙami: sunan da ke kwantiragi da aikin da ka yi

Nan muka fi daɗewa, domin nan ne zuciya ke shiga. Kwantiragi ya ce Assistant logistique. CV ya ce Logisticien. Layin da ke ƙarƙashin sunansa a LinkedIn ya ce Responsable logistique. Muƙami uku ga aiki ɗaya, kowane ya ɗara wani girma.

Da na nuna masa, ransa ya ɗan ɓaci. Ya ce, "Kawu, wallahi aikin na yi. Da maigidana ya tafi, ni na riƙe sashen gaba ɗaya wata huɗu, motoci da sayayya da sito duka." Na yarda da shi, kuma ya kawo shaida: takardar sanarwa ta cikin gida da ta ɗora masa riƙon ƙwarya daga Agusta zuwa Nuwamban 2022. Amma wata 4 cikin 22 ba su mai da sunan aikin duka ba. Ranar da aka kira tsohon ofishinsa aka ce muna tambaya a kan wanda ya riƙe muku shugabancin sashen kaya, za a ce ba su san shi da wannan muƙamin ba, mataimaki ne. Wanda ya amsa wayar ba mugunta ya yi ba, dosiye ya karanta.

Hanyar da nake bi ita ce a bar muƙami yadda yake a kwantiragi, aikin da ya wuce muƙamin kuma a faɗe shi a layin da ke ƙasa, da watanninsa:

```
Assistant logistique, juin 2021 – mars 2023
Intérim du poste de Logisticien, août – novembre 2022
```

A ganina wannan ya fi tsohon rubutun ƙarfi. Yana gaya wa mai karatu cewa shugabanninsa sun amince masa har suka ba shi aikin na gaba da shi, kuma akwai takardar da za a nuna in an tambaya.

Layin da ke ƙarƙashin suna a LinkedIn yana da ɗan sassauci, tunda ba lallai ya zama muƙami ba. Za ka iya faɗin fanninka a wurin, kamar kula da kaya da sito da sayayya. Abin da ba a yi shi ne sa sunan kujerar da ba ka taɓa zama a kai ba, domin wannan layin shi ake fara gani, tun kafin a buɗe shafin.

Ayyukan Dakoro biyu muka raba su gida biyu a ƙarƙashin ƙungiya ɗaya, koyon aiki daban, aikin sito daban. A LinkedIn, idan ka zaɓi sunan ƙungiyar iri ɗaya daga jerin da yake kawowa, zai jera muƙaman a ƙarƙashinta. Idan ka rubuta cikakken suna a ɗaya, gajeren suna a ɗayan, za su iya fitowa kamar wurare biyu daban. A layin koyon aikin kuma muka zaɓi Stage a matsayin irin aikin.

Masu neman aiki da Turanci, ko a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa ko a ƙetaren iyaka wajen Katsina da Kano, su yi hattara da fassara. Fassara wuri ne da muƙami ke girma ba a lura ba: Assistant ya koma Officer, Officer ya koma Manager, alhali a waɗannan ƙungiyoyin matakai ne daban masu albashi daban. Ka fassara matakin yadda yake, ka bar sunan Faransancin a gefensa. LinkedIn yana ba da damar buɗe shafi a harshe na biyu, amma bayanin da ka rubuta a ɗaya ba ya fassara kansa zuwa ɗayan, sai ka buɗe duka biyun ka duba.

Lambobi da ikirari

Ba dole CV da shafi su zama kalma da kalma ba. CV ana yanka shi daidai da aikin da ake nema, shafi kuma yana ɗaukar komai. Za ka iya barin wani ɗan aikin ƙidaya na sati uku a shafi ka cire shi daga CV, babu laifi. Abin da ba ya canzawa shi ne duk abin da ya fito a wuri biyun ya zo da lamba ɗaya.

CV ɗinsa ya ce ya jagoranci mutum 12. Shafi ya ce 4. Da na bincika, huɗu ne ma'aikatan dindindin da ke ƙarƙashinsa, takwas kuma ƴan dako ne da ake ɗauka ranar sauke kaya. Muka rubuta hakan a wuri biyun: ma'aikata 4, da ƴan dako har 8 a ranakun rabo. Sito kuma CV ya ce 3, shafi ya ce 5, saboda ya haɗa da rumfuna biyu na wucin gadi da aka kafa lokacin rabo. Muka tsaya a 3, wanda tsohon shugabansa zai iya tabbatarwa ba tare da tunani ba.

Ma'aunin da nake ba kowa ke nan: kowace lamba, ka tambayi kanka wa zai tabbatar da ita, ko wace takarda. Wadda ba ta da ko ɗaya, a cire ta. Ya rubuta cewa ya rage asarar kaya da kashi 30 cikin ɗari. Na ce daga nawa zuwa nawa? Ya yi shiru, ya ce wani aboki ne ya ce masa CV yana son lambobi. Muka goge, muka sa abin da ya yi da gaske, wato ƙidayar sito kowane ƙarshen wata da daidaita katunan kaya da rajista.

Harshe ma haka. CV ya ce yana jin Turanci sosai, a shafi kuma ya zaɓi mataki na ƙasa cikin biyar da LinkedIn ke bayarwa. Wannan saɓanin ana gwada shi nan take, a juya hira zuwa Turanci a tambaya ta uku. Ka zaɓi matakin da za ka iya tsayawa a kai a gaban mutane.

Sai suna. A ƙasarmu suna ɗaya yana da rubutu uku ko huɗu, Mahamadou da Mahaman da Mamane, ga kuma masu sa laƙabi ko sunan gari a intanet. In sunan shafinka ya bambanta da na CV, mai nema zai iya faɗawa shafin wani mai irin sunanka ya auna ka da tarihinsa. Ka bi rubutun da ke katin shaidarka, kuma ka sa adireshin shafinka a saman CV.

Tsarin gyaran

CV muka fara gyarawa, layi bayan layi, yatsa a kan takardar uwa. Sannan shafi. Kafin ka taɓa shafin, ka kashe maɓallin da ke sanar da abokan hulɗarka canjin aiki, wanda ke fitowa a saman wurin gyaran, don kada gyaran tsohon muƙami ya fita kamar sabon labari.

Da muka gama, muka buɗe shafin a kwamfuta muka sauke shi ta Enregistrer au format PDF, muka buga shi tare da CV. Na riƙe ɗaya ya riƙe ɗaya, yana karantawa da ƙarfi ina bi. A nan muka kama kuskuren ƙarshe, ya zaɓi Yuli maimakon Yuni a shafi, domin juin da juillet maƙwabta ne a jerin watanni kuma yatsa ya zame. Ido a kan salula ba ya kama irin wannan.

Tsofaffin kofe kuma suna nan suna jira. Akwai wanda ke kwamfutar shagon buga takardu, akwai na cikin WhatsApp, akwai wanda LinkedIn ya adana tun wata neman aiki da ya yi ta cikinsa, wanda zai iya sake miƙa masa a matsayin zaɓi. Muka goge su, muka sa wa sabon suna mai ɗauke da wata da shekara. Wanda ya taɓa ajiye dosiye a hukumar samar da aikin yi ta ANPE, ko ya cika fom a shafin ɗaukar ma'aikata na wata ƙungiya, ya tuna can ma akwai tsofaffin lambobinsa.

Shagon mahaifinsa muka sa shi a wuri biyun da suna ɗaya, daga Afrilun 2023 zuwa lokacin da muke gyaran, kula da kaya da lissafi a kasuwancin gida. Bai so ba da farko, yana ganin ba aikin ofis ba ne. Amma ya fi a bar wata goma sha ɗaya ba bayani, kuma aikin sito ne shi ma.

Wani lokaci takardar mai hatimin ce ke da kuskure, sakatare ya buga shekarar da ba ita ba. Kada ka bi kuskuren don kawai a samu daidaito, kada kuma ka gyara da biro. Ka koma wurin da kwantiragi da takardun albashi ka nemi a sake buga ta. Idan ƙungiyar ta rufe ofishinta ta bar ƙasar, takardun albashi na watan farko da na ƙarshe suna nuna iyakar aikin, kuma wanda aka yi wa rajista a asusun inshorar ma'aikata na CNSS zai iya neman bayanin zubinsa a can.

Abu na ƙarshe da na sa shi ya yi shi ne kiran mutane biyun da ya ba da sunansu a matsayin masu ba da shaida. Ya gaishe da tsohon maigidansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na sa sunanka a wata neman aiki, zan turo maka CV ɗin ka gani." Mutumin ya duba ya ce shi a tunaninsa riƙon ƙwaryar wata uku ne. Yaron ya tura masa hoton takardar sanarwar mai ɗauke da Agusta zuwa Nuwamba, mutumin ya ce haka ne, huɗu ne, ya ajiye ta a salularsa saboda ranar da za a kira shi.